Kilon Mahauci Daban, Kilon Tukunya Daban

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Sabon Ibadan)

 

An ce in yi magana a kan abin da ke ba mu kunya a wajen suna da biki: a sayo nama a ga kamar ya isa, amma kafin a raba wa rabin baƙi tukunya ta yi wayam. Daga nan sai a hau zargin masu girki ko ɗan aike. To jama'a, sau da yawa ba wanda ya ci amana, lissafi ne aka kuskure tun daga kasuwa.

Mu ɗauki kilo 1 na naman sa mai ƙashi, watau giram 1,000. Ƙashi kaɗai yakan cinye wajen giram 250. In aka yanke jijiya da kitsen da ba a so, wajen 50 sun sake tafiya, saura 700. Shi kuwa ɗanyen nama, kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Da ya ji wuta sai ya tsuke, ruwan ya fita ya zama romo, kitse ya narke. In aka tafasa sannan aka soya, yadda muka saba a nan kudu, wajen sulusi zai ragu. Ke nan abin da zai shiga baki bai wuce giram 470 ba, ko rabin kilo bai cika ba.

Yanzu a ce Alhaji zai ciyar da mutum 100, kowa yanka 2 a kan shinkafa, kowane yanka giram 40 bayan an soya. Kilo 8 ke nan na soyayyen nama. Wanda ya je Bodija ya sayo kilo 8, mutum 50 ma da ƙyar zai sallama. Kilo 17 mai ƙashi ya kamata ya saya, ko kilo 12 in tsoka ce zalla.

Mai sayen rago a tsaye shi ma ya lura. Ragon da ya yi kilo 40 da ransa, in aka feɗe, aka ware fata da kai da ƙafa da kayan ciki, wajen kilo 18 zuwa 20 zai rage. Watau rago guda cif-cif yake ga mutum ɗarin nan, ba ragowar da za a aika wa maƙwabta.

Sai abu na ƙarshe. Naman da aka jiƙa da ruwa ya fi nauyi a sikeli, ya kuma fi tsukewa a wuta. In ka ga ya yi fari-fari, ruwa na tsatsafowa in ka danna da yatsa, to ka wuce gaba.

Saboda haka, abin da kake so a faranti, ninka shi biyu ka ɗan ƙara, sannan ka nufi mahauta. Allah Ya rufa mana asiri. Wassalam.