Babi na biyu: a tsara bita bisa jigo, ba marubuci bayan marubuci ba

Ina magana da ku ne daga Fammar, a ƙaramar hukumar Kibiya. Shirin yau na 'yan uwana ne masu digiri na biyu, musamman waɗanda suka iso babi na biyu na kundinsu, wato bitar ayyukan da suka gabata.

Ku ɗauki kundaye goma a laburaren kowace jami'a, ku buɗe wannan babin. Abin da za ku fi gani shi ne: wane a shekara kaza ya ce kaza, sai sabon sakin layi, wance a shekara kaza ta gano kaza. Haka za a yi ta jero su har shafi talatin. Wasu ma sukan raba su gida uku, bugaggun littattafai daban, kundayen bincike daban, muƙalu daban. To ai wannan rabon na mai jera littattafai a kanta ne. Mai karatu zai gama babin ya san sunaye arba'in, amma bai san a kan me masanan suka yarda ba, a ina suka saɓa, kuma me ya rage ba a amsa ba. Kuma wannan na ƙarshen shi ne abin da za a tambaye ka ranar kare kundi: ina giɓin da aikinka zai cike? Idan babi na biyu bai nuna shi ba, sai ka ga an ce a koma a sake, zango guda ya tafi, ga kuɗin rajista na jiran ka.

Bari mu ɗauki misali daga nan kusa da mu, mu bi shi har ƙarshe. Dukkanmu mun san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da aikin noman rani na Kadawa da take shayarwa a Bunkure da Kura da Garun Malam. Mu ɗauka ɗalibi ya zaɓi wannan tambaya: shin noman rani na ruwan Tiga yana zame wa matasan Rano da Kibiya marasa gona a wurin abin dogaro, ko kuwa ƙwadago ne na 'yan watanni kawai?

Yana shiga karatu zai ci karo da wasu ayyuka sanannu. Akwai na Sam Jackson na 1978, a kan matan Hausawa da ke aikin ƙwadago a gonar wani kamfanin Turai a yankin Kadawa, waɗanda suka yi yajin aiki a kan lada. Akwai na Tina Wallace na 1981, wadda ta duba yadda aikin ya shafi amfanin gona da rayuwar manoma, ta nuna cewa masu hali sun fi ƙananan manoma cin moriyarsa. Akwai littafin Gunilla Andrae da Björn Beckman na 1985 a kan alkama da burodi, inda suka nuna cewa noman alkama a manyan ayyukan ban ruwa na Arewa yana da tsada ƙwarai. Akwai na William Adams na 1988 a kan Bakolori, inda rikicin gonaki da diyya ya kai ga zubar da jini a 1980. Sannan akwai na Barbier da Thompson na 1998, waɗanda suka auna abin da mutanen dausayin Haɗejiya da Nguru ke rasawa idan aka tare ruwa a sama.

Idan ɗalibin nan ya bi tsohuwar hanya, zai ba kowannensu sakin layi ɗaya, ya fara da 1978 ya ƙare da 1998, shi ke nan. Ba ƙarya ya rubuta ba, amma Wallace da Adams ba za su taɓa haɗuwa a jimla ɗaya ba, alhali kuwa dukkansu suna magana a kan ƙasa da wanda ya riƙe ta.

To yaya ake yi? Aiki na farko ba rubutu ba ne, jadawali ne. Ka ja shi a takarda ko a Excel. Kowane aiki da ka karanta ya samu layi ɗaya a kwance. A tsaye kuma ka yi gidaje biyar: suna da shekara, inda aka yi binciken, su wa aka tambaya ko aka auna, abin da aka gano a jimla ɗaya ko biyu da kalmominka, sai lambar shafi. Gida na uku, wato su wa aka tambaya, kada ka raina shi. Sau da yawa daga nan giɓin yake fitowa, za ku ga yadda.

Aiki na biyu shi ne laƙabi. Ka koma kan kowane abin da aka gano, ka tambayi kanka: wace tambaya wannan yake amsawa? Sai ka rubuta amsar da kalma biyu ko uku a gefe. A gaban Wallace za ka rubuta "riƙon ƙasa", ka kuma rubuta "rabon moriya". A gaban Adams, "riƙon ƙasa". A gaban Jackson, "ƙwadago da lada", da kuma "rabon moriya". A gaban Andrae da Beckman, "riba da tsada". A gaban Barbier da Thompson, "riba da tsada" shi ma, domin su ma lissafin riba suke yi, sai dai sun sa mutanen ƙasan kogi a ciki. Ku lura, aiki ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi biyu. Wannan shi ne babban bambancin: a tsarin jigo marubuci ɗaya zai iya bayyana a wuri biyu ko uku a cikin babin, kowane wuri da abin da ya kai shi.

Idan ka yi wa ayyuka talatin ko arba'in haka, za ka samu laƙabi da yawa, wataƙila sha biyar. Sai ka haɗe masu kama da juna har su dawo uku zuwa biyar. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne, jigon da bai samu ayyuka uku a ƙarƙashinsa ba, ko dai ka ƙara karatu a kansa, ko ka shigar da shi cikin wani. Kuma kowane jigo ya zama yana da igiya da ta ɗaure shi da ɗaya daga cikin tambayoyin bincikenka na babi na ɗaya. A misalinmu, jigogi uku sun isa: wa ke riƙe da gona, wa ke yin aikin kuma a kan wane lada, sai ribar aikin da wanda take zuwa wa. Za ka iya samun rubuce-rubuce masu daɗi a kan cututtukan da ruwan kwance ke kawowa, amma tunda ba su taɓa tambayarka ba, sai ka haƙura da su, ko da ka kashe mako biyu kana karanta su.

Yanzu rubutun kansa. Kowane sakin layi ya buɗe da maganarka, masana su biyo baya a matsayin shaidu. Ga yadda zan fara jigon farko: binciken da aka yi a manyan ayyukan ban ruwa na Arewa ya nuna cewa shigowar ruwa takan canja wanda ke da iko da gona. A Kadawa, Wallace ta nuna canjin ya bi ta hanyar ƙarfin aljihu, domin noman rani yana buƙatar jarin da ƙaramin manomi ba shi da shi. A Bakolori kuwa, Adams ya nuna abin ya bi ta hanyar karɓe gonaki da jayayyar diyya, har ya zama rikici da hukuma. Kun ga, jimla uku ke nan, amma an faɗi inda suka haɗu, an faɗi inda suka rabu, an kuma ba da dalili. Kalmomin da ke ɗauke da nauyin irin wannan rubutu su ne "haka ma", "saɓanin haka", "dalilin bambancin kuwa". Idan babu su a shafinka, to jere kake yi har yanzu.

Daga nan sai giɓi. Ɗalibinmu ya koma gida na uku na jadawalinsa, ya duba su wa aka tambaya. A cikin waɗannan biyar, ana maganar manoma masu gona, da mata 'yan ƙwadago, da tsarin gwamnati, da mazauna ƙasan kogi, kuma mafi sabo a cikinsu na 1998 ne. Matashin da ke tasowa daga ƙauyen da kwalbatin ruwa bai kai ba, ya je ya yi dashen shinkafa ko tsinkar tumatir ya dawo gida da damina, ba shi ne a tsakiyar ko ɗaya ba. Amma fa a yi hattara. Ayyuka biyar ba su isa mutum ya ce ba a taɓa yin bincike a kan abu ba. Dole ya nemi kundayen Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello da sababbin muƙalu, ya sa su a jadawalin. Idan bayan haka gurbin yana nan, to ya samu hujjar ci gaba da bincike, kuma zai iya nuna ta da yatsa a kan takarda.

Akwai kuskure ɗaya da ke yawan faruwa bayan an koyi wannan hanya. Sai mutum ya sa kanun jigo masu kyau, amma a ƙarƙashin kowanne ya ci gaba da wane ya ce, wance ta ce. Riga kawai aka canja. Yadda za ka gane shi ne, ka karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, daga farkon babin zuwa ƙarshe. Idan yawancinsu da sunan mutum da shekara suka fara, ba ka fita daga tsohon tsari ba. Idan kuwa jimlolin nan su kaɗai suka ba da labari mai ma'ana da ya kai ga giɓinka, aikin ya yi. Gwaji na biyu: ka musanya wurin sakin layi biyu. In babu abin da ya lalace, to babu zaren da ya haɗa su tun farko.

Ba na cewa a jefar da shekaru. A cikin jigo ɗaya, bin tarihi yakan taimaka. Aikin da aka rubuta lokacin da alkama ce abin magana a Kadawa ba za ka jera shi kafaɗa da kafaɗa da na yau ba, da shinkafa da tumatir suka yi yawa, sai ka gaya wa mai karatu cewa zamani ya canja. Haka kuma idan sashenku yana da tsarin da ya wajabta a raba littattafai da kundaye da muƙalu, kada ka yi jayayya a makon miƙa aiki. Ka kai wa malamin da ke duba aikinka jadawalin da jigoginka tun da wuri, a shafi ɗaya. In ya ce lallai a bi tsarin sashe, ka bi, amma ka tsara cikin kowane kashi bisa jigo, sannan ka rufe babin da shafi ɗaya da ke tattaro jigogin wuri guda.

Wanda yake kan babi na biyu yanzu, ya gwada da ayyuka goma kacal a wannan makon: jadawali, laƙabi, sai sakin layi ɗaya da ya haɗa masana uku. A nan za mu dakata. Allah ya ba da sa'a, ya sa a kare kundi lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.