Tambayar da ke Auna Aiki, Ba Fasahar Baki Ba

Lacca da aka gabatar a Gadarif



Duk wanda ya taɓa ganin kakar riɗi a wannan ƙasa ta Gadarif, wajen watan Oktoba, ya san cewa idan riɗi ya nuna ba ya jiran kowa, domin muddin aka yi jinkirin yanka da ɗauri, sai kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa. Saboda haka mai gandun da ke neman wakili, mutumin da zai haɗa kan masu yanka da direban tarakta da mai dafa abinci yake nema, alhali kuwa a zaman ganawa sau da yawa mai balaga ne ke tafiya da aikin.

Maganin wannan, a ganina, shi ne a rubuta tambayoyin tun kafin kowa ya shigo, a yi wa kowa su bi da bi, ba ƙari ba ragi. Malamai biyu, Schmidt da Hunter, da suka tattara bincike na shekaru masu yawa a 1998, sun tabbatar cewa irin wannan ganawa ta fi hira sakaka nuna yadda mutum zai yi aiki.

Ga misali. A ce masa: "Ba mu labarin wata kaka da ma'aikata suka yi ƙaranci, kai da abokin aikinka kuka saɓa a kan ɓangaren da za a fara yanka." Sa'an nan a bi shi da tambayoyi uku da ba sa canzawa: me ya ce, me kai ka yi, yaya aka ƙare? Wanda ya ce haɗin kai wajibi ne, ya kawo aya da karin magana, amma ya kasa faɗin gona ko rana, maki ɗaya ne nasa cikin biyar. Wanda kuwa ya ce, ko da da in'ina, sun zaga gonar tare da asuba, ya ga ɓangaren abokinsa ya fi rawaya, ya janye ra'ayinsa, ya tura masa mutanensa, wannan ya ci biyar, domin ya kawo hujja.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Ɗan Bahaushe da aka rena da kunya zai ce "mun yi" a inda wani zai ce "na yi", kuma wanda Larabcinsa na kasuwa ne zai gajarta jawabi a gaban mai Larabcin makaranta. Adalci shi ne a tambaye shi, "A cikin wannan, wanne ne naka?", a bar shi ya amsa da harshen da ya fi ƙwarewa.

Ina roƙonku, ya ku masu ɗaukar ma'aikata, kowane mai tambaya ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin ku yi shawara, don kada maganar babba ta rinjayi alƙalamin ƙarami.