Jaka da Takalmi: Ba Sai Launi Ya Zo Ɗaya Ba

 

Da yawanmu mun sha yini a kasuwa muna neman jakar da launinta ya zo daidai da takalmi, mu kashe kuɗin adashi, mu dawo gida mu ga ba su haɗu ba. Dalili kuwa, fata da roba da yadi ba sa karɓar rini iri ɗaya. Ja biyu da suka kusa zama ɗaya amma suka ɗan saɓa, ido kuskure yake ɗaukarsu.

To, abu biyu za mu duba. Na farko, ina launin ya karkata? Ruwan zuma, ruwan goro da ruwan ƙasa duk sun karkata wajen ja da rawaya, dangin juna ne. Ruwan toka, shuɗi da ruwan azurfa su ma gidansu ɗaya. Na biyu, sheƙi: mai ƙyalli ya bi mai ƙyalli, marar ƙyalli ya bi ɗan'uwansa.

Misali, Hajiya, kina da takalmin fata ruwan ƙasa mai duhu, marar sheƙi. Jakar fata ruwan zuma marar sheƙi za ta zauna da shi daram. Amma jaka ruwan ƙasa mai walƙiya kamar madubi, ko launin ya zo ɗaya, sai takalmin ya zama kamar tsoho.

Kafin mu biya, mu fito da su hasken rana, don fitilar shago tana ruɗin ido. Mu kuma duba zik da sarƙa: ruwan gwal da ruwan gwal.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.