Hutun iyali a Istanbul: masauki kusa da masallaci

Iyalin da ke neman wurin hutu su fara duba tazarar da ke tsakanin abin kallo da masallaci kafin kuɗin otal. A unguwar Sultanahmet ta Istanbul, Ayasofya, wadda aka mayar masallaci a 2020, tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmed, fadar Topkapi kuma 'yan mintuna ce a ƙafa. Azahar ba za ta kuɓuce ba, ga wurin alwala, ga sashen mata. Wani zai ce masaukin can da tsada. Gaskiya ne, amma kuɗin tasi da wahalar jan yara sun cinye rarar otal mai nisa. Naman gari galibi halal ne, sai dai wasu gidajen abinci na sayar da giya, a duba kafin a zauna.