Da'irar Ɗaya da Gwajin Jury: Yaushe Na'ura Take Natsuwa?

 

Na'urar da kwamfuta ke sarrafawa ba kullum idonta yake a kan aiki ba. Takan auna, ta ba da umarni, ta jira ɗan lokaci T, sannan ta sake aunawa. Tambayar ita ce, in wani abu ya ture ta daga inda aka ajiye ta, za ta dawo, ko kuwa kuskuren zai yi ta girma?

Mu ɗauki tankin ruwa irin waɗanda muke gani a Mabera da Arkilla. Ruwa na fita ba tsayawa, kwamfuta kuma na buɗe bawul ko ta rage shi don ruwan ya tsaya a kan wani layi. Mu kira tazarar ruwan da layin e. Da a ce gyara na aiki nan take, sai mu rubuta e(k+1) = (1 − K)e(k), inda K yake nuna ƙarfin gyaran. Kowane zagaye ana ninka kuskuren da lamba guda, z = 1 − K. In girman z bai kai 1 ba, kuskuren zai yi ta ƙanƙancewa. In ya wuce 1, zai yi ta kumbura. Asalin sharaɗin ke nan. Da yake saiwoyin lissafin kan zo da ɓangaren j, sharaɗin ya zama da'ira: dole kowace saiwa ta faɗa cikin da'irar da nisan bakinta daga cibiya 1 ne. Ɗalibai, ku kula. Wanda ya saba da Routh da Hurwitz yakan ga saiwa a hagu ya ce lafiya lau. A nan z = −2 tana hagu, amma tana wajen da'ira, kuma kuskuren zai riƙa ninkuwa biyu yana tsalle sama da ƙasa.

To amma ruwa sai ya bi bututu kafin ya iso. Mu ce gyaran na makara da zagaye ɗaya: e(k+1) = e(k) − K·e(k−1). Folinomiyal ɗinmu ya zama P(z) = z² − z + K.

A nan ne Eliahu Jury ya shigo, wani haifaffen Bagadaza da ya koyar a Berkeley. A 1962 ya sauƙaƙa aikin da Schur da Cohn suka yi tun 1917 da 1922, ta yadda za a san ko saiwoyi na cikin da'ira ba tare da an nemo su ba. Ga folinomiyal mai daraja biyu, sharuɗɗa uku ne kawai. P(1) ya fi sifili: wannan ya ba mu K > 0. P(−1) ya fi sifili: 2 + K > 0, wanda ya riga ya cika. Sannan girman lambar ƙarshe ya gaza na farko: K < 1. Ke nan tankin zai natsu ne kawai in 0 < K < 1. Ba makara, iyakar K ita ce 2. Makarar zagaye ɗaya tak ta cinye rabin filin.

Mu gwada da santimita 10 a awo biyu na farko. Da K = 0.5, za mu ga 10, 10, 5, 0, −2.5, −2.5, −1.25, 0: yana lilo yana lafawa. Da K = 1, sai 10, 10, 0, −10, −10, 0, 10, haka har abada, domin saiwoyin na zaune daidai a kan da'ira. Da K = 1.2 kuwa, 10, 10, −2, −14, −11.6, 5.2, 19.1. Bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, na'urar awon ma haka. Lambar da aka saka ce ta yi yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, a cikin K akwai T a ɓoye, domin yawan ruwan da ke shiga a zagaye ɗaya ya danganta da tsawon zagayen. Mai gyara zai iya ninka T don ya rage wa kwamfuta aiki, bai taɓa komai ba, K ta tashi daga 0.6 zuwa 1.2. A aiki irin na murhun siminti na Kalambaina, inda zafi ke daɗewa kafin ya amsa umarni, makarar takan kai zagaye da yawa, darajar folinomiyal ta hau. Daga daraja uku, sharuɗɗan nan ba su isa ba, sai an gina teburin Jury, ana rage daraja ɗaya-ɗaya ana duba kowane layi.

Gwajin yana da iyaka. Yana ɗauka cewa bawul ba shi da ƙarshen buɗewa, alhali yana da shi. Saboda haka a wurin aiki ba za ku ga lilon ya girma har abada ba; za ku ga bawul na bugawa daga rufe zuwa buɗe a kan tazara ɗaya. In kun ga haka, ku ƙirga zagaye nawa lilon ke ɗauka. A tankinmu, kusan shida alama ce cewa K ta kai bakin da'ira, sai a rage ta zuwa wajen 0.25, inda saiwoyin biyu suka haɗu a 0.5 kuma ruwan ke komawa layi ba tare da ya zarce ba.