Rubutaccen shiri: Ɗan manomi ya san masara, to me ya kayar da shi a tambayar masara?

Ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba. Yau da 'yan aji shida na sakandare nake magana, musamman ƙannenmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa masu shirin WAEC da NECO, da kuma malaman da ke yi musu bita.

Bari in fara da abin da ya faru a ajina. Na daɗe ina koyar da darasin Noma, kuma a jarrabawar ƙarshen zango mun saba ba yara tambaya ɗaya mai faɗi, misali su rubuta yadda ake noman masara tun daga sharar gona har zuwa girbi. Yaro ya cika shafi biyu, mu karanta, mu ba shi maki gwargwadon yadda bayanin ya gamsar da mu. Da lokacin jarrabawar gwaji ya zo, sai muka tsara takardar irin yadda take zuwa a WAEC da NECO, wato tambaya ɗaya a yanka ta gida-gida, (a), (b), (c), kowane gida da makinsa. Ɗalibin da ya fi kowa iya rubutu a ajin, ɗan wani ƙauye ta wajen Faskari wanda ya tashi a gonar masara, shi ne ya tashi da maki 5 cikin 16. Ya zo ya same ni ya ce, "Malam, wallahi duk abin da na rubuta gaskiya ne." Na ce masa haka ne, gaskiya ne, amma ba shi aka tambaye ka ba.

To ina matsalar take? A dogon rubutu, mai duba takarda yana kallon amsarka ne gaba ɗaya. In ka manta suna, kana iya kewayawa ka kwatanta, ya gane abin da kake nufi. A gajerun tambayoyi kuwa, yana riƙe da takardar amsoshi da aka amince da su, kuma kowane maki yana rataye ne a kan abu guda: suna, ko adadi, ko dalili. In abin nan ya fito a amsarka ka samu, in bai fito ba, ko shafi nawa ka cika ba ruwansa. Shi ya sa wanda ya yi bita da karanta labarin darasi daga farko zuwa ƙarshe yake shan mamaki.

Ga tambayar da na ba su, ni na tsara ta, mu bi ta tare. Gida na farko, maki 2: rubuta sunan masara na kimiyya. Gida na biyu, maki 6: faɗi tazarar shukar masara, sannan ka lissafa yawan tsiron da hekta ɗaya za ta ɗauka in an bar tsiro ɗaya a kowane rami. Gida na uku, maki 4: kawo ƙwari biyu da cututtuka biyu na masara. Gida na huɗu, maki 4: bayyana hanyoyi biyu na yaƙi da wuta-wuta.

A gida na farko amsar kalma biyu ce, Zea mays. Kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙaramin baƙi, kuma in da hannu kake rubutawa ka ja layi a ƙarƙashin kowace. Yaron nan ya yi layi huɗu yana bayanin amfanin masara, tuwo da kunu da abincin kaji, sunan kuma ya rubuta shi ba daidai ba. Babu maki ko ɗaya.

A gida na biyu ya rubuta cewa ana barin kamar taki ɗaya tsakanin kunya da kunya. A gona wannan magana daidai ce, babansa ma haka yake aunawa. Amma takarda adadi take so da ma'auninsa: santimita 75 tsakanin layi da layi, santimita 25 tsakanin rami da rami. Daga nan sai lissafi. Ka mayar da su mita, 0.75 × 0.25 = 0.1875, wannan shi ne filin da tsiro ɗaya ke ci. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka 10,000 ÷ 0.1875 zai ba ka kusan tsiro 53,333. Ku lura, a irin wannan tambaya ana raba maki ne a kan matakai. Wanda ya nuna yadda ya bi, ko ya yi kuskure a rabawar ƙarshe, zai tsira da wani abu. Wanda ya ajiye amsa kawai kuma ta zo ba daidai ba, ya tashi a tutar babu.

A gida na uku an ce "kawo", ba a ce "bayyana" ba, saboda haka suna kawai ake so. Ƙwari: tsutsar da ke huda kara, da tsutsar nan mai cin ƙoƙon masara wadda aka fara gani a Najeriya a 2016. Cututtuka: tsatsar ganye, da cutar nan mai sa ganye ya yi zane-zane ruwan ɗorawa. Shi kuwa ɗalibina ya sa wuta-wuta a cikin cututtuka, don ya ga tana sa masara ta ƙanƙance. Wuta-wuta ciyawa ce mai kama saiwar masara tana tsotsar abincinta, ba ƙwaro ba ce, ba cuta ba ce. Dogon rubutu yakan ɓoye irin wannan ruɗani, gajeriyar tambaya kuwa nan take take tona shi.

A gida na huɗu ne ya ci makinsa, don nan ne aka ce ya yi bayani. Amma ko a nan, bayani yana da sura: hanya, sannan dalilinta. Misali, a tuge ta kafin ta yi fure, domin kada ta zubar da iri a gonar. Na biyu, a riƙa juya shuka da waken suya ko auduga, domin saiwarsu tana sa irin wuta-wuta ya tsiro amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Jimla biyu, maki huɗu.

To yaya za ka sauya bitarka? Abu na farko, ka daina karanta littafin rubutunka kamar labari, ka farfasa shi ya koma tambayoyi. Ɗauki darasi ɗaya, ka ninke takarda gida biyu a tsaye. A hagu ka rubuta tambaya, a dama amsar da ba ta wuce layi biyu ba. Darasin masara kaɗai zai ba ka tambaya goma sha biyar zuwa ashirin: suna, irin ƙasar da take so, tazara, yawan iri, taki, ƙwari, cuta, ciyawa, ajiya. Sai ka rufe ɓangaren dama ka amsa a rubuce, ba a zuci ba. Wannan yana da muhimmanci, domin da Turanci za ka amsa a ɗakin jarrabawa, kuma sanin abu da Hausa daban, iya rubuta sunansa daidai daban. Wanda ka faɗi ka yi masa alama, ka sake gwada shi gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. Ba ya bukatar waya ko wutar lantarki, biro da takarda sun isa.

Abu na biyu, ka daina cacar darussa. Lokacin dogon rubutu, yaro yakan haddace manyan darussa huɗu ko biyar ya ce ko yaya ɗaya zai fito. Yanzu tambaya guda tana iya taɓo abu uku mabambanta, gida ɗaya a kan taki, ɗaya a kan ƙwari, ɗaya lissafi. In ka tsallake kashi ɗaya na manhaja, ba tambaya ɗaya ka rasa ba, ka rasa gutsure a tambayoyi da yawa. Na san yankinmu ya sha rufe makarantu saboda rashin tsaro, musamman bayan abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, kuma ɗalibai da dama sun taso da giɓi a karatunsu. In kana cikinsu, ka samo manhajar darasin wajen malaminka, ka bi ta kanu bayan kanu kana yin alama a kan abin da ba a taɓa koya maka ba. Gara ka san abu biyar tabbatattu a kowane darasi da ka san darasi ɗaya kamar ruwa.

Abu na uku, ka bar maki ya auna maka tsawon amsa da lokaci. In an ce kawo uku, ka kawo uku mafi ƙarfi, kowanne a layinsa da lambarsa, kada ka zuba bakwai kana fatan mai dubawa zai tsince maka. Kafin jarrabawa ka raba mintunan takardar da jimillar makinta. Misali in minti 120 ne maki 80, kowane maki minti ɗaya da rabi ke nan, don haka gida mai maki 2 bai cancanci fiye da minti uku ba. Alamar cewa tsohuwar ɗabi'a ba ta sake ka ba ita ce ka ga amsarka tana farawa da gabatarwa, ko ka cika rabin shafi a gida na farko alhali na ƙarshe babu komai.

Yadda za ka gane ko bitar tana aiki shi ne ku haɗu ku biyu ko uku, ku amsa tsohuwar tambayar WAEC da agogo, ku yi musayar takarda, kowa ya duba ta ɗan'uwansa ba sani ba sabo. Kada ka yarda da "ai abin da nake nufi ke nan". In malaminku yana da hanya, ya duba muku rahoton manyan masu duba takardu da WAEC ke sakawa a shafinta, a nan ake faɗin irin kurakuran da ɗalibai suka yi a kowace tambaya.

Amma fa kada a wuce gona da iri. Insha'in Turanci a WAEC har yanzu kalma kusan 450 ake so, insha'in Hausa da tambayoyin adabi su ma suna bukatar bayani mai tsari. Kuma ko da WAEC ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zaman kansu a farkon 2024, ɓangaren rubutu bai tafi ko'ina ba. Don haka ka ware rana ɗaya a mako ta dogon rubutu, sauran ranakun ka ba gajerun tambayoyi.

Shi ɗalibin nawa, mako uku muka yi yana ninke takarda. Da na sake ba shi tambaya irin wannan a kan dawa, ya ci 13 cikin 16, kuma amsar ba ta cika shafi ɗaya ba.

Aikin gida kafin shiri na gaba: kowa ya ɗauki darasi ɗaya a daren yau ya fitar da tambaya goma daga cikinsa. Ga ɗaya ta gwaji, in tazarar ta koma santimita 90 da 30, tsiro nawa hekta za ta ɗauka? Ku nuna matakai. Allah ya ba da sa'a, sai mun sake haɗuwa.