Jawabin Ma'aji Mai Barin Gado a Taron Naɗa Sababbin Shugabannin Ƙungiyar Manoma ta Darna Sabon Gari



Ranka ya daɗe uban ƙasa, malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, jami'in gama kai da ya taso daga Illela, malamin gona, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana manoma, barkanku da zuwa. Kafin in miƙa littafi da makullin sito ga wanda kuka zaɓa, wajibi ne in gaya muku abin da ya shigo asusunmu da abin da ya fita, daga watan Mayu na 2023 zuwa yau da muke cikin Mayu na 2024. Dukiyarku ce, ku ɗari da ashirin, ni ajiya aka ba ni.

Mun shiga shekarar da naira 2,400,000. Duka muka zuba a takin zamani kafin ruwa ya sauka, buhu ɗari cif, kowane buhu 24,000. Ina roƙon ku riƙe wannan buhu ɗarin a zuciya, domin a kansa maganata za ta ƙare. Muka sayar wa 'yan ƙungiya bashi a kan 26,000, a biya da kaka. An biya kuɗin buhu tamanin da takwas, wato 2,288,000. Na buhu goma sha biyu yana waje har yanzu.

Ba zan kira sunan kowa ba. Kun san abin da ya same mu. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka a watan Agusta, ba a buɗe ba sai Maris na bana. Mu da Ƙonni kuwa tamkar ɗaki da zaure muke. Mutumin da ke tsallakawa ya sayar da akuya ya biya bashi, da wanda ke dako a bakin iyaka, duk hannunsu ya ɗaure wata bakwai. Na zagaya gidajen masu bashin nan, na ga halin da mafi yawansu ke ciki. Amma akwai mutum uku da na san sun sayar da albasa da rani, kuma sun san na sani.

Kuɗin wata-wata, naira ɗari biyar a kan kowa, ya kamata ya kai 720,000. Abin da ya shigo hannu 630,000 ne. Injinan ban-ruwa biyu da muke bayarwa haya sun kawo 360,000, gyaransu ya ci 150,000. Hayar ta ja baya, don tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da ɗari biyu ta haura ɗari biyar, masu lambu da yawa suka rage fili.

Yanzu sai wake, inda ribar shekara ta fito, inda kuma na yi kuskure. A watan Nuwamba, lokacin da kowa ke kai amfani kasuwa farashi na ƙasa, kwamiti ya amince muka sayi buhu talatin daga hannun 'yan ƙungiya a kan 50,000, jimla 1,500,000. Ba mu sa masa magani ba. Muka zuba shi a buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Hikimarsa ɗaya ce: idan wake ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ƙwansa ma ba zai yi amfani ba. Amma ƙofar allura ɗaya ta isa ta rushe aikin.

Buhu ashirin da bakwai muka ɗora a kan katako nesa da bango. Katako ya ƙare, na ce a jingina sauran ukun a lungu, gobe a gyara. Goben ba ta zo ba. Ɓera ya huda su ta ƙasa. Sai a watan Fabrairu mai gadin sito ya ce yana jin motsi kamar ana tauna cikin dare. Da na danna buhun sai na ji ya yi laushi, iska na fita, na sa hannu na ji ɗumi, ƙasansa kuma duk gari. Buhu mai lafiya ledarsa a manne take da wake, ba motsi, ba ɗumi. Da ina duba sito kowane mako biyu kamar yadda malamin gona ya ce, da an sauya leda tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Laifin nawa ne, ina neman afuwarku.

A watan Afrilu muka sayar da masu kyau a kan 90,000, masu ƙwaron a kan 40,000. Duka 2,550,000 suka shigo. Sakacin lungun nan ya ci mana 150,000. Sauran abin da ya fita kuwa, kuɗin buhuna, mota, hayar sito, littattafai da binciken asusu, ya tashi 378,000, kowane da rasit ɗinsa a jakar nan.

In aka haɗa aka cire, yau akwai naira 3,800,000 a asusu. Na ga fuskoki sun saki, wasu ma tun jiya suke tambayata nawa za a raba. Iyayena, ku yi haƙuri ku saurare ni. Makon jiya na je neman farashin taki, irin wanda muka saya bara, aka ce 38,000. Ku raba kuɗinmu a kan haka. Buhu ɗari ne, babu ƙari ko ɗaya. Kuɗi ya ƙaru da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a takarda, amma abin da zai shiga gona yana nan inda yake bara. In ma aka cire kuɗin wata-wata da kuka zuba daga aljihunku, buhu tamanin da uku kawai za mu iya ɗauka. Ashe duk ribar waken nan tsadar kaya ta haɗiye ta, guminku ne ya cike giɓin. Haka bashin buhu goma sha biyun: ko yau aka kawo 312,000 ɗin, buhu takwas zai saya.

Saboda haka shawarata ga sabon kwamiti, bana kada a raba ko kwabo. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta ce a ware kashi ɗaya cikin huɗu na riba a asusun ajiya, ni kuwa ina ganin a bar ta duka a jari. In muka raba, mutum goma ko ashirin za su rasa taki da damina, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne za su rasa. Ina kuma roƙon daga yanzu a riƙa rubuta jarinmu gida biyu a littafi, da naira da kuma adadin buhun da zai saya a ranar.

Game da bashi, wanda aka yanka wa 26,000, 26,000 zai biya, ba za mu ƙara masa sisi ba, don kada mu faɗa riba da addini ya hana. Amma takin bana, ina ganin tun ranar ɗauka a yanka shi da tiyar wake sananniya, a kawo da kaka. Malamai na nan zaune, a kai musu maganar su duba ta kafin a rubuta.

Ɗan uwa sabon ma'aji, matso. Ga littafin shiga da fita, ga jakar rasit, ga takardar masu bashi, ga makullin sito. Katako shida na saya da kuɗina, suna bayan ƙofa. Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu damina mai albarka.